Yadda na gyara farashin gado a shagona na kafinta

Gado na fita, riba ba ta zuwa. Da na duba, gam da ƙusa da fenti ne ke fita daga sito babu rubutu.

Sai na buɗe wa kowane aiki katinsa mai lamba. Yanzu ko ƙusa ba ta fita sai an rubuta lambar aikin a takardar karɓar kaya, ragowa kuma a mayar a cire kuɗinta.

A gadon ƙarshe, katako da sauran kaya sun ci ₦90,000, ladan yara na awa 30 ya kama ₦30,000. Haya da man janareta ina raba su ₦500 kan kowace awa, wato ₦15,000. Jimla ₦135,000. Na ɗora kashi 20 cikin ɗari a kai, na sayar ₦162,000.