Kurakuran da Ake Yi a Takardar Neman Albashin da Aka Jinkirta

Malaman makarantu masu zaman kansu da ma'aikatan kamfanoni a nan Gusau sukan kawo mini takardun ƙorafinsu in duba, kuma kurakuran da nake gani iri ɗaya ne.

Babbansu shi ne takarda marar kwanan wata da adadin kuɗi. Mutum zai cika shafi guda da bayanin kuɗin haya da rashin lafiyar iyali, ya rufe da "an daɗe ba a biya mu ba". Wannan kuka ne, kuma akanta ba ya aiki da kuka. Misali, malamin da albashinsa naira 70,000 ne ya rubuta haka: "Ranka ya daɗe, ina tunatarwa cikin girmamawa cewa takardar ɗaukata aiki ta nuna za a riƙa biyana ranar 28 ga kowane wata. Albashin Maris da na Afrilu, jimilla naira 140,000, an ba ni naira 30,000 daga ciki ranar 10 ga Afrilu, saura naira 110,000. Ina roƙon a sanar da ni a rubuce ranar da za a biya." Lura cewa ya ambaci abin da aka ba shi, domin wanda ya ɓoye biyan ɓangare ya ba su damar ƙaryata takardar baki ɗayanta.

Na biyu ya fi ƙona mini rai, don ya taɓa ci mini albashin wata biyu: miƙa takarda ba tare da shaidar karɓa ba. Haba jama'a! Ka ba masinja kwafi ɗaya tilo, ka koma gida kana jiran amsa, sannan bayan wata uku a ce ba a taɓa ganinta ba, da me za ka kare kanka? Al'adata ita ce in buga kwafi biyu, in tsaya har sakatare ya sa hatimi da hannu da kwanan wata a kan nawa. Idan ya ƙi, sai in tura hotonta ga shugaba ta waya a ranar, in kuma adana bayanan asusuna na banki na watannin.

Barazanar kotu a takardar farko gaggawa ce. Gaskiya ne sashe na 15 na Dokar Ƙwadago ya ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya, amma ni nakan ajiye ambatonsa sai takarda ta biyu, wadda za ta fara da kwanan watan ta farko.

Kada ka rubuta "mu" alhali kai kaɗai ka sa hannu. Kada kuma ka zargi kowa da cin kuɗin, tunda ba ka ga littafin akanta ba.