Kafin ka ciro ajiyarka don faɗaɗa shago

Jama'a, mai son faɗaɗa shago yakan tambayi kansa ko zai ci riba. Tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce: me kuɗin nan za su kawo da na bar su inda suke? Abin da ka haƙura da shi ɗin nan shi ma tsada ne, ko da ba ka ƙirga wa kowa shi a hannu ba.

A ce kana da 1,000,000 a banki, ajiyar ƙayyadadden lokaci, tana kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara, wato 100,000. Faɗaɗawar kuma ka lissafa za ta ƙara maka ribar 250,000. Cire ƙarin haya, ladan yaron shago, wuta da kayan da za su lalace, a ce 120,000. Saura 130,000. To ainihin abin da ka ƙaru da shi 30,000 ne kacal, tun da 100,000 ɗin za su zo kana zaune. A ganina wannan bai kai a jefa dukkan ajiya cikin haɗari ba.

Amma kada a ɗauka banki ba shi da tasa asarar. Idan farashin kaya na tashi da kashi 15 a shekara, ajiyarka raguwa take yi a ɓoye, alhali kayan da ba sa lalacewa sukan bi farashi.

Sai a duba saurin fitar kaya. Idan na yanzu suna yin watanni a kanta, ƙarin fili ba zai kawo masu saye ba. Idan kuwa kullum ana tambayar abin da ya ƙare, faɗaɗa da rabin kuɗin, ka bar sauran inda za ka iya cirowa ranar larura.