Yadda ake zaɓar inda za ka riƙa rubuta ayyukanka: littafi, kalandar waya ko manhaja

Yawancin masu farawa da na gani suna watsar da abin nan cikin sati biyu, ba lalaci ba ne, tun farko suka ɗauki abin da bai dace da aikinsu ba. Mutum ya ga wani yana amfani da manhajar tsara ayyuka ta Todoist shi ma ya sauke, ya kwana yana saita kaloli, shikenan bai sake buɗewa ba.

Mataki na farko, kar ka sauke komai tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke jiranka a sati mai zuwa, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan lokacinsa ya wuce ban yi ba, ya wuce kenan ko yana nan yana jirana? Mitin ƙarfe 10 ko ganin likita, in ka rasa ka rasa, wannan mai lokaci ne. Amma tura takardu, kiran wani, gyara rahoto, in ba ka yi yau ba gobe suna nan. Sa alama daban ga kowane iri sai ka ƙirga.

To a nan ne fa mutane ke yin kuskure. Sai su kwashe ayyukan da ba su da lokaci su zuba a kalanda, su ƙirƙiro masu lokacin ƙarya, wai "kiran wane ƙarfe 2". Ƙarfe 2 ta yi kana tsakiyar wani abu, waya ta yi ƙara ka share, ita kuma kalanda ba ruwanta ko ka yi ko ba ka yi ba, gobe sabuwar rana za ta nuna maka, aikin ya nutse a jiya ba wanda zai tono shi. Alamar ka faɗa wannan ramin ita ce ka ga kullum kana jan abu ɗaya daga yau zuwa gobe, ko kuma ka fara share tunatarwa ba ka ma karanta ba, har ranar da za ka share ta mitin na gaske.

A ce tela ce ta yi lissafinta ta samu abu 18. Guda 4 ne masu lokaci, kwastomomi masu zuwa gwaji. Sauran 14 ɗinki ne, kowanne da ranar karɓa amma ba ruwansa da ƙarfe nawa za ta yanka. Ga shi yini take a gaban keke, hannu ba ya hutawa balle ta tsaya buɗe waya. Wannan littafi ne ya dace da ita, a buɗe kusa da ita, kowace rana da shafinta, ta rubuta ranar karɓa a gefen kowane ɗinki. Waɗancan 4 ɗin kaɗai za ta sa a kalandar waya saboda littafi ba ya ƙara. Malamin da satinsa duk azuzuwa ne da mitin kuwa kalanda ta ishe shi, ya saita aji ya riƙa maimaita kansa duk sati ya huta.

Manhajar ayyuka irin su Google Tasks, Microsoft To Do ko Todoist ta wanda ayyuka ke shigo masa ta waya da imel ne, suna da yawa, kuma kullum tsarinsu na canzawa. Amfaninta shi ne abin da ba ka yi ba ba ya ɓacewa, yana nan har sai ka danna ka gama. Ni dai a wajena in jerinka bai kai abu 15 a sati ba manhaja wahalar da kai ce kawai. Kuma kar ka biya kuɗi daga farko, na kyauta sun wadatar.

Dokata ita ce abu biyu iyaka, kalanda don masu lokaci, sai ɗaya tsakanin littafi da manhaja don sauran, kuma kada abu ɗaya ya zauna wuri biyu.

In littafi ka ɗauka, duk dare ka kwafe abin da ya rage zuwa shafin gobe da hannunka, wanda ka kwafa sau uku ko ka yi shi ko ka soke shi. In waya ce, duba cewa a akawun ɗinka, irin na Google ko iCloud, ake ajiyewa ba a kan wayar kaɗai ba, in ba haka ba ranar da ta lalace komai ya bi ta. Masu Android kuma su shiga saitin batir su cire manhajar daga jerin waɗanda wayar ke takura wa, don wasu wayoyin kashe ta suke yi a baya sai tunatarwa ta makara ko ta ƙi zuwa. Saita ɗaya ta gwaji ta minti 10, kulle wayar ka ajiye ka ga ko za ta yi ƙara.