Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta binciken KMP da yadda ake gyara su

Hanyar binciken da Knuth, Morris da Pratt suka wallafa a shekarar 1977 ta ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: idan ana neman wata kalma a cikin dogon rubutu, ba a komawa kan harafin da aka riga aka wuce. Abin da yake ja da baya shi ne k, wato adadin haruffan kalmar da suka dace zuwa yanzu, kuma jadawalin da aka shirya tun farko ne yake faɗin inda zai tsaya. A kowane gurbi, jadawalin yana riƙe da tsawon guntu mafi tsawo wanda ya zo a farkon kalmar kuma ya zo a ƙarshen abin da aka karanta daga cikinta, muddin guntun bai kai tsawon abin da aka karanta ɗin ba. Jadawalin `aaab`, alal misali, shi ne `[0, 1, 2, 0]`. Ga zuciyar binciken, inda `t` yake nufin rubutun, `p` kalmar, `f` kuma jadawalin:

```python
k = 0
for i, c in enumerate(t):
    while k > 0 and c != p[k]:
        k = f[k - 1]
    if c == p[k]:
        k += 1
    if k == len(p):
        print(i - k + 1)
        k = f[k - 1]
```

Kuskuren da ya fi haɗari a ganina shi ne sanya `if` a madadin `while` a layi na uku, domin shirin ba ya tsayawa, ba ya kuma nuna wata alamar matsala, sai dai ya ba da amsar ƙarya. A nemi `aaab` a cikin `aaacab`. Bayan haruffa uku na farko, k ya kai 3. Da aka iso kan `c`, kamata ya yi k ya sauko zuwa 2, sannan 1, sannan 0, tunda babu wani farkon kalmar da yake ƙarewa da `c`. Amma `if` sau ɗaya kawai yake saukar da shi, sai k ya tsaya a 2 kamar har yanzu akwai `aa` a hannu. Daga nan `a` ya ɗaga shi zuwa 3, `b` ya kai shi 4, shirin ya sanar cewa ya sami kalmar a gurbi na 2, alhali `acab` ne a wurin. Masu yin wannan kuskure sukan ji tsoron cewa `while` zai rage saurin aikin, amma tsoron ba shi da tushe: k ba ya hawa fiye da mataki ɗaya a kowane harafi, kuma ba zai sauko fiye da yadda ya hau ba, saboda haka duk saukowar da zai yi ba za ta wuce yawan haruffan rubutun ba.

Akasin wannan shi ne mayar da k sifili da zarar an sami saɓani. A nan shirin ba ya ƙirƙirar amsa, tsallake ta yake yi. Idan ana neman `aab` a cikin `aaab`, harafi na uku zai saɓa wa `b`, kuma wanda ya watsar da komai ya rasa kalmar da ta fara a gurbi na 1. Haka abin yake bayan an sami cikakkiyar dacewa, domin `abab` ta bayyana sau biyu a cikin `ababab`, a gurbi na 0 da na 2, kuma layin ƙarshe na shirin ne kaɗai yake ba da damar ganin ta biyun.

Sai kuma batun lambar gurbi. Idan k haruffa sun dace, na ƙarshensu yana gurbin `k - 1` ne, don haka a nan ake duba jadawali. Wanda ya rubuta `f[k]` zai iya ganin shirinsa ya maƙale har abada, kamar yadda yake faruwa da `aaab`, inda `f[2]` yake daidai da 2, k kuma ba zai taɓa raguwa ba. Irin wannan maƙalewar takan faru idan aka fara gina jadawali daga gurbi na 0 maimakon na 1, saboda harafin farko zai dace da kansa, `f[0]` ya zama 1. Wani ɓangare na ruɗanin ya samo asali ne daga littattafai, domin wasu suna fara jadawalinsu da `-1` su kuma duba `f[k]`, wanda daidai ne a tsarinsu. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauko jadawali daga tsari ɗaya, aka ɗauko bincike daga ɗayan.

Gwaji da kalmomi na yau da kullum ba kasafai yake tona waɗannan kurakuran ba, tunda jadawalinsu kusan duk sifili ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a samar da gajerun rubuce-rubuce masu yawa daga haruffa `a`, `b` da `c` kaɗai, a kwatanta sakamakon da na bincike mai sauƙi wanda yake gwada kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya. A kuma yanke hukunci tun farko a kan kalmar da babu harafi ko ɗaya a cikinta, domin a shirin da ke sama `p[0]` zai jawo kuskure nan take.