Darasi na Tara: Ribar Jakar Fiya Wata, Tsakanin Mai Shago da Mai Talla

Jakar fiya wata ɗaya tana da ƙwaya 20. Ka riƙe wannan adadi, don a kansa za mu yi duk lissafin yau. Farashin ruwa yana hawa yana sauka, saboda haka kuɗin da za ka gani a nan na koyon lissafi ne. Idan ka iya, sai ka sa farashin unguwarku.

Mu ɗauki wani mai sari a Kurna. Kullum da safe motar kamfani tana sauke masa jaka 100 a kan naira 300 kowace jaka. Uwar kuɗinsa ke nan naira 30,000. Idan ka raba 300 gida 20, za ka ga kowace ƙwaya ta tsaya masa a kan naira 15.

Masu shaguna suna karɓar jaka 60 a kan naira 350. Sauran jaka 40 kuwa 'yan talla ne ke ɗauka a kan naira 400, su shiga da su tasha da bakin danja. Wanda ya ji haka zai ce ai ribar mai sari tana wajen sayar wa 'yan talla. Kada ka yi saurin yarda, bari mu lissafa tukuna.

Lissafin mai shago ba shi da wuya. Ka debe 300 daga 350, saura 50. Amma mai shago ba ya barin shagonsa, kai masa ake yi. Mai kura yana karɓar naira 1,200 ya rarraba jaka 60 ɗin. Raba 1,200 gida 60, kowace jaka ta ci naira 20 kuɗin dako. Ribar jaka ta zama naira 30, ta jaka 60 kuma naira 1,800.

Na mai talla shi ne ke son natsuwa. Ka debe 300 daga 400, saura 100. Shi da ƙafarsa yake zuwa, babu kuɗin dako. To amma wa zai sayi ruwa mai zafi a bakin titi da rana tsaka? Dole a sanyaya masa, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Mai sari yana sayen ƙanƙara ta naira 2,000 a rana. Raba 2,000 gida 40, kowace jaka ta ci naira 50, saura 50.

Da sauran rina a kaba. Kafin a sanyaya ruwa sai an farke jaka an juye ƙwayoyin a cikin kula, kuma a wajen juyewa da gogar ƙanƙara wasu kan fashe. Mai talla ƙwaya 20 cif zai ƙirga, kai za ka cika masa. Mu ce ƙwaya ɗaya ke fashewa a kowace jaka, wato naira 15. Ribar jaka ta dawo naira 35, ta jaka 40 kuma naira 1,400. Ka ga tazarar naira 50 da ke tsakanin farashin biyu ta koma naira 5 kacal.

Wannan ma a ranar da aka sayar da komai ne. Kuɗin ƙanƙara ba ya raguwa don ciniki ya ragu, domin narkewa take yi ko an saya ko ba a saya ba. A zafin watan Afrilu jaka 40 ba ta kai la'asar. Amma a ce an wayi gari da ruwan sama a watan Agusta, mai sari ya riga ya sayi ƙanƙararsa, 'yan talla suka ɗauki jaka 20 kawai. Raba 2,000 gida 20, kowace jaka ta ci naira 100. Ribar ta tafi gaba ɗaya, ga kuma faɗuwar naira 15 ta fashewa. Shi kuwa mai shago, jakarsa a ɗaure take, gobe ma tana nan.

Sai maganar bashi. Wani mai talla zai ce, “Maigida, ba ni jaka biyu, da magariba in kawo.” Yawancinsu suna kawowa. Ran da ɗaya bai dawo ba, naira 800 ta fita daga 1,400, saura 600, wato naira 15 a kowace jaka. Mai shago ma yakan ce sai ya sayar, sai dai shi ka san inda za ka same shi. Illar nasa ita ce motar kamfani za ta zo da safe, kuɗinka na hannun wani.

Aikin yi: ka ja layi a tsakiyar shafin littafinka, ka rubuta “shago” a hagu, “talla” a dama, sannan ka amsa waɗannan.

1. Mai kura ya ƙara kuɗinsa zuwa naira 1,800. Nawa ce ribar jakar shago yanzu?
2. Ƙwaya biyu ke fashewa a kowace jakar talla. Nawa ce ribar jaka 40?
3. An sayi ƙanƙarar naira 2,000, 'yan talla suka ɗauki jaka 25. Riba aka ci ko faɗuwa aka yi, kuma ta nawa a kowace jaka?