Babi na Shida: Ɗaukar Hoton Ƙananan Rubutun Kwalin Magani

Darasi na ɗaya: Ɗigon da yake ɓacewa

Da yawa daga cikinku kuna ɗaukar hoton kwalin magani da waya domin ku faɗaɗa rubutun ku karanta, ko ku tura wa wani ya karanta muku. Dabara ce mai kyau, amma hoto yana iya nuna abin da ba shi ne a jikin kwalin ba.

Ku ɗauko kwalin magani ku nemi lambar da ke kusa da sunansa. Bayan lambar za ku ga haruffa biyu, `mg`, waɗanda suke nufin miligiram, wato ma'aunin ƙarfin maganin da ke cikin ƙwaya ɗaya. Wani lokaci za ku ga ɗan ɗigo a ƙasa tsakanin lambobi biyu, kamar haka: `2.5 mg`. Ana karanta shi biyu da rabi. Idan ɗigon ya ɓace sai rubutun ya koma `25 mg`, wato ashirin da biyar, wanda ya ninka na farko sau goma.

Na taɓa ganin haka a aji. Wata ɗaliba ta kwantar da katin ƙwayoyi ƙarƙashin ƙwan lantarki, fitilar kyamararta kuma a kunne, ta ɗauki hoto. Bayan katin farin ƙarfe ne mai sheƙi, yana mayar da haske kamar madubi, sai wani farin tabo ya sauka daidai tsakanin 2 da 5 ya shanye ɗigon. Ta karanta mini ashirin da biyar ba tare da wani kokwanto ba, kuma ba laifin karatunta ba ne, domin abin da hoton ya nuna mata ke nan. Alama ɗaya ce ta rage, ita ce tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta fi ta sauran rubutun faɗi. Duk inda kuka ga lambobi biyu sun yi nisa da juna kuma wurin ya yi fari fat, ku ɗauka akwai abin da haske ya rufe.

Gyaran ba shi da wuya. Ku kashe fitilar kyamara, wato ku taɓa alamar walƙiya da ke saman fuskar wayar har ta nuna a kashe take. Ku kai kwalin kusa da taga ko bakin ƙofa, inda haske zai zo masa daga gefe, kada ku ajiye shi a tsakiyar rana ko daidai ƙarƙashin ƙwan lantarki. Idan har yanzu farin tabon yana kan rubutu, ku juya kwalin a hankali kuna kallon wayar, za ku ga tabon yana matsawa, sai ku tsaya idan ya bar kan lambobin.

Yanzu ga matakin da aka fi mantawa. Bayan kun ɗauki hoton, ku buɗe shi, ku ɗora yatsu biyu a kansa ku ware su domin rubutun ya girma, sannan ku riƙe kwalin a ɗaya hannun ku gwada lamba da lamba. Ku faɗi kowace lamba da baki: biyu, ɗigo, biyar. Ku duba kwalin ku sake faɗi: biyu, ɗigo, biyar. Idan idonku bai iya ganin na kwalin ba, ku nemi wani wurin da aka sake rubuta ƙarfin maganin, domin galibi ana buga shi a gaban kwali da gefensa da kuma bayan kati, ku ɗauki hotonsa shi ma ku gwada su. Kada ku damu idan karon farko ya ɗauke ku lokaci, hannu zai saba.

Darasi na biyu: Hoto mai dishi-dishi

Mutum yana ganin rubutu ƙanana sai ya kai wayar dab da kwalin, yana zaton kusanci zai ƙara masa gani. Idon kyamara yana da iyaka, kuma wayoyi da yawa ba sa iya fitar da abin da ya matso ƙasa da kimanin santimita 10. Ku ja wayar baya kamar taƙi ɗaya, ku goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi domin maiƙon yatsa yana sa hoto hazo, sannan ku taɓa fuskar wayar daidai kan rubutun. Ku jira har rubutun ya fito rangaɗau kafin ku danna. Ku jingina gwiwar hannunku a kan tebur, musamman idan haske ya yi ƙaranci, saboda a cikin duhu kyamara tana daɗewa kafin ta gama ɗauka, kuma ɗan rawar hannu ya isa ya jagwalgwala rubutun.

A hoto mai dishi-dishi, buɗaɗɗen gefen 3 yana haɗewa ya zama 8, haka nan 5 takan yi kama da 6, 1 kuma ta yi kama da 7. Ku duba wurin da aka rubuta `EXP`, wanda yake nuna wata da shekarar da wa'adin magani zai ƙare. Idan an rubuta `EXP 03/2028`, watan Maris ake nufi, amma idan hoton ya mayar da shi `08/2028`, za ku zaci Agusta ne, kun ƙara wa maganin wata biyar da ba shi da su. Akwai kuma `mcg`, wato maikirogiram, wanda sai an tara dubu ake samun `mg` ɗaya, alhali ƙaramin harafi guda ne ya raba su.

Saboda haka ku buɗe hoton, ku ware yatsu biyu, ku gwada da kwalin. Na faɗi wannan a darasin baya, kuma duk da haka kowane mako sai na ga wanda ya danna ya tura hoto bai ko kalle shi ba. Wannan ganganci ne, kuma bai dace da babban mutum da yake ba iyalinsa magani ba. Faɗaɗa hoton da ya lalace ba ya gyara shi, dishi-dishin ne kawai yake ƙara girma. Ku goge shi ku ɗauki wani, sannan ku sake buɗewa ku sake gwadawa.

Darasi na uku: Karkatar waya

Ku kwantar da kwalin, ku riƙe wayar a samansa a miƙe, bayanta yana fuskantar rubutun sosai. Idan wayar ta karkata, haruffan da ke nesa suna matsewa, layin kusa ya fito, na nesa ya dushe. Wasu suna karkatar da wayar don guje wa ƙyalli, sai su gyara matsala ɗaya su jawo wata. Kwalin ake juyawa, wayar ta tsaya yadda take.

Kwalba tana da nata sha'ani, domin rubutun yana zagaye jikinta. A maganin ruwa za ku ga rubutu irin `120 mg/5 ml`, kuma idan ƙarshensa ya lanƙwashe zuwa baya, ba za a san cikin mililita nawa wannan ƙarfin yake ba. Ku ɗauki hoto biyu ko uku kuna juya kwalbar, sannan ku buɗe kowanne ku gwada.

Darasi na huɗu: Rubutun da babu tawada

A gefen wasu katuna an danna lambobin wa'adi a jikin ƙarfen ba tare da tawada ba. Hasken gefe ne kaɗai yake fitar da su, domin inuwarsu ake karantawa. Idan kun gwada sau uku ba su fito ba, ku ɗauki katin da kwalinsa ku kai wa mai harhaɗa magunguna ya karanta muku kafin a sha.