Babi na Bakwai: Yadda Ake Gane Asalin Atamfa Daga Hoto

Darasi na ɗaya: tambayoyi biyu ne

Iyayena da 'yan'uwana, yanzu kusan duk ankon biki a waya ake zaɓensa. A turo hoto, a ce wannan 'yar Holan ce, kowa ya kawo kuɗinsa. A wannan babin za mu koyi yadda mutum zai duba hoton da kansa kafin ya kwance bakin zaninsa.

Idan aka ce "daga ina wannan atamfar take?" to tambayoyi biyu ne aka haɗa. Ta farko: su wa suka fara yin irin wannan zanen? Ta biyu: a wace ƙasa aka buga wannan turmin da ke cikin hoton? Amsoshin sukan bambanta. Dabarar yin atamfa da kaki daga tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya ta fito, inda mata ke zana kaki a kan yadi da hannu kafin su rina. Turawan Holan, waɗanda suka mulki ƙasar, suka kwaikwayi aikin da inji. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a Holan tun 1846 yake aiki, kuma har yau shi ke yin atamfar da muke kira Holan da Sufa. Amma zanen da ya fito daga can, yau ana buga irinsa a Sin, a Ghana, a Kwaddebuwa, har da nan gida. Saboda haka kyan fulawa da launi ba za su gaya muku ƙasar da aka buga ba.

Darasi na biyu: hotuna uku

Hoto ɗaya ba ya isa. Ku ce wa wanda ya turo ya ƙaro muku har su zama uku: fuskar atamfar, bayanta, da bakinta. Baki shi ne gefen nan mai tsawo da ba ya warwarewa, wanda ke bin turmin tun daga farko har ƙarshen yadi shida. A jikinsa akwai ƙananan rubutu. Takardar da aka manna a tsakiyar turmi daban ce, kada ku haɗa su. Takarda ana iya ɓare ta a manna wa wata atamfar. Rubutun baki kuwa tare da zanen aka buga shi.

Ku maimaita tare da ni: fuska, baya, baki. Wanda ya turo fuska kaɗai bai nuna muku komai ba tukuna. Ba rashin kunya ba ne ku ce, "Hajiya, don Allah a ɗauko mini bakin." 'Yan kasuwar Kantin Kwari da kansu baki suke fara buɗewa idan aka kawo musu kaya.

Darasi na uku: karanta baki

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Kada wanda ya ƙosa.

Da farko ku buɗe hoton. Ku ɗora babban yatsa da manuni a kan gilashin waya, daidai wurin rubutun, sannan ku ware su a hankali. Hoton zai ƙara girma. Idan ya gudu, ku haɗe yatsun ya dawo, ku sake. Ba ku ɓata komai ba, waya ba ta lalacewa da wannan.

Sai ku duba ko rubutun a tsaye yake. Sau da yawa mai ɗaukar hoto yakan ɗauka a kife. Ku nemi harafin A, ku ga ko tsininsa na sama, ƙafafunsa biyu na ƙasa. Idan tsinin na kallon ƙasa, ku juya wayar. Idan kuma haruffan sun fito a baibai, wato S da R suna kallon inda bai kamata ba, to ko dai daga bayan atamfar aka ɗauka, ko kuma da kyamarar gaba ta waya. Ku nemi a sake.

Yanzu karatu. Daga hagu ake farawa a tafi dama. Masu karatun allo da ajami, na san hannunku dama yake fara zuwa, wannan ba laifi ba ne, sabo ne. Amma a nan hagu ne. Ku ɗora yatsa a hagu. Harafi ɗaya, ku faɗe shi da baki, ku rubuta a littafinku, sannan na gaba.

Akwai haruffan da ba mu yi su a baƙaƙen Hausa ba, kuma su ne suka cika bakin atamfa. Ga V, mai tsini a ƙasa da baki buɗe a sama. Kada ku ɗauke shi U, domin gindin U a lanƙwashe yake. Ga X, sanda biyu da suka gitta juna. Ga P, wanda ke da ciki ɗaya a sama, B kuwa ciki biyu ne da shi. Ku rubuta kowanne layi guda kafin mu ci gaba.

Ga abin da za ku riƙa gani, yadda yake a rubuce:

VERITABLE WAX HOLLANDAIS VLISCO
GUARANTEED DUTCH WAX VLISCO

Na farko Faransanci ne, na biyu Turanci, kuma duka suna cewa atamfar Holan ce. Ba sai kun iya furta su ba. Ku dai gwada harafi da harafi da abin da ke cikin wannan littafin. V, L, I, S, C, O: guda shida. Ku ƙirga. Masu jabu sukan sauya harafi ɗaya ko su ƙara ɗaya, don sun san mai saye zai hango farkon kalma ne ya ce ya gane. Na sha gani a aji: mutum ya ga H da O da L, sai ya ɗaga kai yana murmushi, "Malam, Holan ce." A'a. Ku karanta har ƙarshe. Kalma ba ta ƙare ba sai kun kai inda aka bar fili.

Wasu sunayen da za ku haɗu da su: UNIWAX a Abijan ta Kwaddebuwa ake yin ta. GTP ta garin Tema ce a Ghana. HITARGET daga Sin take zuwa. ABC, wadda iyayenmu ke kira Ingila, a kusa da Manchesta aka daɗe ana buga ta, daga baya aikin ya koma Akosombo a Ghana. Idan kun ga MADE IN, to kalmar da ke biye ita ce sunan ƙasar. Idan abin da ya biyo PRC ne, Sin ke nan, daidai yake da CHINA.

Bayan suna akwai lamba. A atamfar Vlisco lambar zanen tana jikin baki, tana kuma jikin takardar da aka manna. Ku rubuta ta baki a sama, ta takarda a ƙasanta, ku gwada ɗaya bayan ɗaya. Ku kula da 6 da 9, domin idan hoton a kife yake 6 kan zama 9, 9 ya zama 6. Idan lambobin ba su zo daidai ba, takardar ba ta wannan turmin ba ce.

To, zan faɗa muku gaskiya. Makon jiya na ba da wannan aikin, fiye da rabin aji suka dawo da amsa ba tare da harafi ko ɗaya a littafinsu ba. Launi suka kalla suka yi canke. Wannan ba karatu ba ne. Mai jikoki ya bar sana'arsa ya zo ya zauna a benci, sannan ya ƙi ɗora yatsa a kan harafi shida? Ku koma. Ku ware hoton, ku daidaita shi, ku fara daga hagu, ku rubuta, ku kai ƙarshe. Wanda ya yi a hankali ya gama layi ɗaya ya fi mini wanda ya yi sauri ya ƙaga amsa.

Darasi na huɗu: abin da baya ke nunawa

Rubutun baki ma ana kwaikwayonsa, shi ya sa muke son hoton baya. Atamfar kaki ta gaske, ana buga kakin ne a fuska da baya, a tsoma a rini, don haka launin gaba da na baya kusan ɗaya ne. Za ku kuma ga siraran jijiyoyi da ɗige-ɗige inda kakin ya tsage rini ya shiga. Waɗannan jijiyoyin ba sa zuwa iri ɗaya. Idan kun ga tsaga guda tana dawowa sak a kowace fulawa, to zana ta aka yi. Idan baya ya yi fari-fari kamar ya koɗe, bugun fuska ɗaya ne, mai araha.

Amma ku lura, baya yana nuna yadda aka yi ne kawai. Akwai masana'antun Sin da ke buga gaba da baya da kyau. Sai an haɗa baya da baki da lamba ake yanke magana.

Darasi na biyar: mu yi ɗaya tare

An turo hoton yadi mai murabba'ai da layuka, rawaya da kore da ja da baƙi. An ce "kente ne daga Ghana." Tambaya ta farko: zanen na su wa ne? Wannan gaskiya ne, kente saƙar Asante ce da Ewe, kuma garin Bonwire kusa da Kumasi ya yi suna a kanta. Tambaya ta biyu: a ina aka yi wannan? Kente na gaske a ƙaramar masaƙa ake saƙa shi, ƙwarya-ƙwarya, faɗin kowace kamar tafin hannu, sannan a ɗinke su gefe da gefe, yadda masaƙanmu ke haɗa saƙi. Muka ware hoton, babu ɗinki ko ɗaya, yadin shimfiɗe yake sumul. Muka duba baya, ya yi fari-fari. Muka je baki, daga hagu, harafi-harafi: MADE IN CHINA. Abin da za ku rubuta shi ne: zane na Ghana, bugu na Sin. Ba laifi a saya a yi anko, amma a kuɗin bugu, ba a kuɗin saƙa ba.

Darasi na shida: shadda da adire

Shadda ba a buga zanenta, a cikin saƙar yake. Gezna daga garin Bludenz na ƙasar Ostiriya take, a jiki za ku ga GETZNER. Da yawa fara ake kawowa, a rina ta a buge ta a Bamako, sai a ce 'yar Mali. Adire kuwa rinin Yarabawa ne, an fi saninsa da Abeokuta. Shi ma yanzu ana buga kwaikwayonsa. Ku duba baya.

Darasi na bakwai: aikin gida

Kowa ya ɗauko atamfa biyu daga akwati, waɗanda ba a ɗinka ba. Ya kwafo rubutun bakin kowacce a littafinsa, har da lamba. A kawo ranar Litinin.